Saurin tozo da saurin ayari: gudu biyu a igiya ɗaya

Ka jefa dutse a ruwa mai zurfi da yake kwance, ka zuba ido a kan zoben igiyoyin da ke buɗewa. Zaɓi tozo ɗaya, wato wurin da ruwan ya fi tasowa, ka bi shi da kallo. Za ka ga ya ɓullo daga bayan zoben yana ɗan ƙarami, ya yi girma da ya iso tsakiya, ya wuce gaba yana ƙanƙancewa, har ya ɓace. Kafin ka ankara wani ya ɓullo daga baya. Zoben yana tafiya, tozayen cikinsa ma suna tafiya, amma gudunsu ba ɗaya ba ne.

Gudun tozo guda shi ne abin da littattafan fiziks ke kira fes belositi, alamarsa v_p. A wannan darasi za mu ce masa saurin tozo. Gudun tarin igiyoyin baki ɗaya shi ne guruf belositi, v_g, mu ce saurin ayari.

Igiya tsantsa mai tsawon zango ɗaya ana rubuta ta y = A cos(kx − ωt), inda k = 2π/λ, λ kuwa tsawon zango, wato nisan da ke tsakanin tozo da tozo, ω = 2π/T, T kuma lokacin kaɗawa ɗaya. Mai bin tozo guda yana bin wurin da kx − ωt bai canja ba, saboda haka

v_p = ω/k

Sai dai irin wannan igiya ba ta da farko ba ta da ƙarshe, don haka ba ta kai wa kowa labari. Igiyar gaske tana farawa, tana ƙarewa, kuma duk mai farko da ƙarshe haɗin igiyoyi ne masu tsawon zango daban-daban. Mu ɗauki biyu kacal masu tsayi ɗaya, waɗanda k da ω ɗinsu ke kusa da juna. Idan aka tara su:

y = 2A cos(Δk·x/2 − Δω·t/2) · cos(kx − ωt)

A nan k da ω matsakaita ne, Δk da Δω kuma bambancin da ke tsakanin biyun. Ɓangare na biyu tozayen ne. Na farko shi ne lulluɓin da ke kumbura su a wani wuri, ya danne su a wani, kuma yana tafiya da saurin Δω/Δk. In bambancin ya ƙanƙance ƙwarai, sai mu samu

v_g = dω/dk

Komai ya rataya ke nan a kan dangantakar ω da k. In ω = ck ne, da c tsayayye, kamar haske a sararin da babu komai, saurin biyu ɗaya ne, ayari ya tafi da siffarsa. In kuwa kowane tsawon zango da nasa gudun, an ce mahallin mai warwatsawa ne, wato yana da disfashan, kuma nan ne v_p da v_g ke raba hanya. Stokes ya fitar da wannan lissafi na igiyar ruwa a 1876, Rayleigh ya faɗaɗa shi a 1877.

Misali da lissafi

Guguwa ta taso a teku, nisan kilomita 1,000 daga gaɓa, ta tayar da igiyoyi masu tsawon zango kusan mita 100. Yaushe za su iso?

Ruwa ana kiransa mai zurfi idan zurfinsa ya wuce rabin tsawon zango, a nan mita 50. A irin wannan ruwa ω² = gk, da g = 9.8 m/s².

k = 2π/100 = 0.0628 rad/m
ω = √(9.8 × 0.0628) = 0.785 rad/s
T = 2π/ω = 8.0 s
v_p = ω/k = 12.5 m/s

Saurin ayari kuma: daga ω² = gk muna da 2ω·dω = g·dk, wato dω/dk = g/(2ω).

v_g = 9.8/(2 × 0.785) = 6.24 m/s

Rabin saurin tozo ne cif, kuma ba dacewar lambobi ba ce. Tunda g = ω²/k, to g/(2ω) = ω/(2k) a kowane tsawon zango.

Wanda bai gamsu ba ya gwada da igiyoyi biyu. Ɗauki λ na mita 95 da na mita 105. Na farko k = 0.06614, ω = 0.8051. Na biyu k = 0.05984, ω = 0.7658. Bambancin ω shi ne 0.0393, na k kuma 0.00630. Raba su, 6.24 ya sake fitowa.

Makamashin guguwar da ayari yake tafiya, ba da tozo ba. Mita 1,000,000 a raba da 6.24 ya ba da kimanin sakan 160,000, awa 44 da rabi. Ɗalibin da ya yi aiki da 12.5 zai ce awa 22, ya sa masu jira a gaɓa su yi sammakon kusan kwana guda a banza. Wannan ne kuskuren da na fi cin karo da shi a takardun jarrabawa, kuma dalilinsa a fili yake: ido tozo yake gani.

Akwai wani abu a misalin da ya cancanci a tsaya a kai. Tsawon ayari guda 2π/Δk ne, kusan mita 1,000. Wanda ya ɗauki hotonsa daga sama zai ƙirga tozo goma. Amma wanda ke cikin jirgin ruwan da ya tsaya wuri ɗaya, ayarin zai ɗauki sakan 160 kafin ya wuce shi, tozo kuwa na zuwa duk sakan 8, don haka ashirin zai ƙirga. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Yayin da ayarin ke wucewa, sababbin tozaye na ta ɓullowa daga baya suna cim ma jirgin.

Kada a haddace "rabi" a ɗauka doka ce ta ko'ina. A ruwa marar zurfi ω = k√(gh), da h zurfin ruwan, saurin biyu ɗaya ne. A 'yan ƙananan igiyoyin da tsawonsu bai kai santimita 1.7 ba, ɗamewar fuskar ruwa ce ke rinjayar nauyi. A waɗanda suka fi ƙanƙanta sosai ω yana bin k^(3/2), sai v_g ya zama 1.5 v_p: ayari ya fi tozo gudu, tozaye na ɓullowa a gaba suna ɓacewa a baya.

Igiyar rediyo a filazma, wato iskar gas mai ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, kamar ta saman sararin samaniya, tana bin ω² = ω_p² + c²k², da c saurin haske, ω_p kuma tsayayyen adadi na filazmar. Lissafi irin na ɗazu ya ba da v_p · v_g = c², kuma v_p ya zarce saurin haske. Wannan bai karya ƙa'idar Einstein ba, domin tozo ba ya ɗauke da saƙo, v_g kuwa yana ƙasa da c. Shi kansa v_g yana da iyakar amfani. Inda mahalli ke shanye igiya sosai, dω/dk kan iya wuce c ko ya koma ƙasa da sifiri, a nan ya daina zama gudun makamashi. Sommerfeld da Brillouin sun nuna a 1914 cewa ko a can goshin saƙo ba ya wuce saurin haske.

Aikin gida: guguwar nan ta kuma tayar da igiyoyi masu tsawon mita 400, a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 200. Nemo v_g, ka faɗi awa nawa za su riga na mita 100 isowa gaɓa.