Tsarin Komawarka Fili Bayan Aikin Gwiwa

Ƙanena, na rubuta maka wannan ne don ka riƙa dubawa a gida, tunda an sallame ka. An sauya maka jijiyar da ke tsakiyar gwiwar dama, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Gwiwar ce za ta nuna mana lokacin da za ka tsallaka daga mataki zuwa na gaba, ko da kwanakin da na rubuta sun cika.

Sati biyun farko aikinka uku: rage kumburi, miƙe ƙafar sarai, da tada naman cinya. Naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, ƙafar tana sama. Matashi a ƙarƙashin diddige za ka sa. Kada ka sa shi a ƙarƙashin gwiwa, domin in ta saba da lanƙwasa, miƙe ta daga baya wahala ce babba. Sallah a kan kujera, ban-ɗaki na zama. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki yana ruwa, a kawo ka asibiti a ranar.

Daga nan zuwa sati na 6 za mu ajiye sanduna, da sharaɗin ka daina ɗingishi, mu hau keken motsa jiki.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne sati na 6 zuwa na 12. Ciwo ya tafi, kana tafiya garau, abokai za su ce ka leƙo filin Mahaha ka ɗan taɓa ƙwallo. To a daidai lokacin sabuwar jijiyar ba ta da ƙwari, jiki yana kan sake gina ta. Juyi ɗaya a kan turɓaya zai iya mayar da mu ɗakin tiyata. Kada kuma ka bari a kai ka wajen mai ɗori ya murza ta, ba targaɗe ba ne. Aikin wannan lokaci ƙarfafa cinya da ƙugu ne, da tsayuwa a ƙafa ɗaya.

Gudu sai bayan wata 3, a miƙe, in babu kumburi. Tsalle, birki da yanke sai wajen wata na 6, kai kaɗai da ƙwallo tukuna, kafin atisaye da 'yan ƙungiya ba tare da karo ba.

Wasa kuwa ba kafin wata 9 ba. Zan auna ƙarfin cinyarka da tsallen ƙafa ɗaya, sai dama ta kai kashi 90 cikin 100 na hagu. Zan kuma tambaye ka ko zuciyarka ta amince da ƙafar, ka gaya mini gaskiya.

In ka wayi gari gwiwar ta kumbura bayan atisaye, rage aikin ranar ka kira ni. Mu haɗu ranar Talata da ƙarfe 9, ka zo da gajeren wando. Allah ya ƙara sauƙi.