Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar Litinin ta farko a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wani kofa da aka turo Argungu bautar ƙasa, wanda ko sannu bai gama iyawa ba, shi aka ba rajista ya kwafe sunayen sabbin ɗalibai. Da ya zo lamba 17 ya ɗaga murya ya karanta abin da hannunsa ya rubuta.

"Barawo Garba!"

Aji ya ɗauki ihu, masu buga benci na yi, Sani monita har da faɗuwa ƙasa don dariya. Shi kuwa Barau ya miƙe ya ce "Malam Barau ne", amma ina, kofa ya zaci "ga ni" yake cewa, ya kafta alama ya wuce lamba 18.

To ka san yara. Kafin a tashi tara sunan ya kai aji uku. In ya je sayen ƙosai sai ka ji an ce mai ƙosai riƙe kwanonki, in ya shiga ƙwallo a ce ku ɓoye takalma. Ranar Laraba biron Sani ya ɓace, ba wanda aka fara zazzage wa jaka sai shi, littattafansa a ƙasa, ɗan ƙullin garin kwakin da Inna ta sa mishi ya fashe a cikin ƙura, kuma ba a samu komai ba, ba wanda ya ce yi haƙuri.

Bai wuce gida ba, ɗakin kakarsa Hajjo ya faɗa, ya tarar tana tsince shinkafar da aka kawo daga fadama. Ya jefar da jaka ya ce shi daga yau Usman ɗinsa na yanka yake so, wannan sunan ɓarayin a kai kasuwa.

Hajjo ba ta ɗago ba. "Wa yac ce maka na ɓarayi ne? Zamna nan."

Ya zauna.

"Kai kana cewa kai ne ɗan fari ko? Ukku sun riga ka. Na farin kwana arba'in bai cika ba. Ta biyu, ɗiya mace, har ta fara tatata baƙon dauro ya tahi da ita. Na ukkun ko suna ba a kai ga yi ba. Garin ga har an fara kiran uwarka mai wabi, mata na janye ɗiyansu in ta shigo biki."

Barau ya kalli ƙofar ɗakin Inna. Shekara goma sha biyu yana gidan nan ba wanda ya taɓa gaya mishi.

"Da ka zo, tsohin mata sunka ce a kai ka juji a aje, a sa maka Ajuji, wai in an nuna ba a damu da kai ba mutuwa ta ƙyale ka. Ubanka ya ce ba mai kai mishi ɗa bisa shara. Ni ko da nid ɗauke ka, abin da ya hito bakina shi ne, Allah ka bar muna wanga. Barau ke nan. Wanda aka bari."

Ta ture tiren shinkafar ta ce ya tashi ya wanke ƙafa, ya cika mata ɗaki da ƙura.

Da daddare yana kallon Inna tana kwashe tuwo, ta zuba mishi miya ta ƙara mishi kan kifi kamar kullum, shi da yake zaton don ya fi ƙannensa ci ne. Ya so ya tambaye ta sunan macen, bakin ya ƙi buɗuwa.

Washegari tun kafin asambuli ya tsaya a ƙofar ofishin malamai har Malam Bello mai Hausa ya iso da mashin. Malam ya buɗe rajista, ya yi salati, ya kira kofa ya yi mishi bayani da Turanci, bawan Allah ya dafe kai yana ta sori sori. Gaskiya shi ma ba da gangan ya yi ba, takardar firamaren ce ruwa ya taɓa, wasalin ƙarshe ya dame.

"To ko mu sa Usman Garba kawai a huta?" in ji Malam Bello.

"A'a Malam. Barau za a sa."

Aka soke da jan biro aka rubuta daidai a sama. A aji Malam ya cika allo da sunaye, Tanko wanda ya biyo mata, Gambo mai bin tagwaye, Nomau na lokacin noma, Anaruwa, Shekarau, ya ce kowa ya je gida ya tambayo dalilin nasa, Litinin zai bi layi.

Sani dai bai daina tsokana ba sai da aka kwana biyu, da biron ya faɗo ta ɓular aljihun wandonsa ana tsakiyar fareti, gaban kowa.