Auta, ga bayanin bulon nan na kan gangara

Auta na ga hoton, amma don Allah nan gaba ka fito tsakar gida da rana ka ɗauka, wannan da tocila ka haska ga inuwar babban yatsanka ta rufe rabin kusurwar, sai da na yi ta zumin kafin na gane 30° ce. To bulo dai 5 kg ne, sun ce a ɗauki g = 10 m/s², kuma μ, wato ma'aunin gogayya tsakanin bulon da gangarar, 0.2 ne. Abin da ake nema shi ne a, wato yadda gudun bulon ke ƙaruwa in yana sulalowa.

Inda ka fara ɓata shi ne kibiyar nauyi, ka ja ta ta bi gangarar. A'a. Nauyi ba ruwansa da gangara, kullum ƙasa yake nufa a miƙe kamar guga a rijiya, W = mg = 50 N. Goge ka sake ja daga tsakiyar bulon.

Ka tuna ranar da muke tura buhun riɗi kan falanki za mu loda a amalanken Kawu? Buhun abu biyu yake yi lokaci guda, yana danna falankin har ya lanƙwasa, kuma yana son ya sulalo ya dawo kanmu. Ai shi ne duk lissafin, 50 N ɗin nan za ka raba gida biyu, ɗaya ya bi gangara ɗaya ya nutsa cikinta. Ja layi biyu da ɗigo-ɗigo, ɗaya kwance jikin gangarar, ɗaya ya soke ta a 90°. Tsakanin W da jikin gangara 60° ne, ka ga abin da ya rage tsakanin W da layin da ya soke ta 30° ke nan, daidai da kusurwar gindi.

```
mg sin 30° = 50 × 0.5 = 25 N
mg cos 30° = 50 × 0.866 = 43.3 N
```

25 N shi ke janyo shi gangare, 43.3 N shi ke danna gangarar, tunda kuma bulon bai huda ta ba to turin da gangarar ke mayar masa, R = 43.3 N. Kai ka juya su, ka ba gangara cos. In sun rikice maka a ɗakin jarabawa kwantar da falankin a ƙasa cikin ranka, kusurwa ta zama 0, buhu ba ya motsi ko? To sin 0° = 0, shi ya sa sin ne na gangara. Ni da wannan nake ganewa har yau, haddar nan ba ta zama min.

Saura gogayya, ita sama take fuskanta tunda bulon ƙasa yake so, F = μR = 8.66 N. Cire ta daga 25 saura 16.34 N, raba da 5, a = 3.27 m/s².

Kuma duba kalkuletar nan da ka aro, in RAD ta nuna a sama mayar da ita DEG, in ba haka ba sin 30 ma ba zai ba ka 0.5 ba. Gwada ta biyun mai 45° ka turo min bayan isha'i. Ka gaida Inna.