In ciwon haƙori ya kai ga kumburin fuska, kada a kwana da shi gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni aikina sashen haƙori nike nan cikin Sakkwato, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wanga saƙo shi ne yadda ake kawo muna mutane sai abu ya ɓaci, fuska ta kumbura har ido ya rufe, baki ba ya buɗuwa, mutum na ta zazzaɓi, in ka tambayi 'yan uwa yaushe abin ya fara sai su ce ai ya fi sati, muna dai ba shi magani gida. Wallahi abin na ci mani rai, don mafi yawansu da sun zo tun farko cire haƙori ɗaya ko wanke shi ya wadatar, su koma gida ranar.

Bari in fara da yadda abin ke farawa, don in an gane wannan sauran mai sauƙi ne. Haƙori ba dutse ba ne, yana da rai. Ƙarƙashin farin nan mai tauri akwai wani ɗan rami da jijiya da hanyoyin jini ke ciki, su bi ta saiwa su shiga ƙashin muƙamuƙi. Ƙwayoyin cuta da ke baki suna cin sukarin da ya maƙale, na shayi, na alawa, na lemun kwalba, su fitar da tsami mai cin haƙori a hankali har ya yi kogo. Wannan shi ne abin da mutanenmu ke kira tsutsa, amma ba wata tsutsa ciki, don haka mai cewa zai turara maka hayaƙi ta faɗo kuɗinka kawai zai ci. In kogon ya isa ga jijiya nan ne ake wannan azabar ta dare da ba a iya barci. Sai kuma wata rana ciwon ya ɗauke ɗif, mutum ya ce Alhamdulillah maganin da anka ba ni ya yi. To sau da yawa ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin na nan suna yaɗuwa cikin mataccen naman, su gangara ƙarshen saiwa su tara mugunya cikin ƙashi. Alamarta haƙorin ka ji kamar ya fi sauran tsawo, in ka taune da shi ko ka ƙwanƙwasa sai ka ji zafi, ciwon na bugawa zut zut.

Ita mugunya dole sai ta nemi hanya, kamar ruwan damina in ya taru bayan katanga, inda ya fi rauni nan zai fasa. In an yi sa'a ta huda dasashi ta yi ɗan ƙurji yana tsiyaya cikin baki, ciwo ya ragu, duk da haka cutar na nan. In ba a yi sa'a ba ta huda ƙashi ta shiga tsakanin naman fuska da wuya, kuma can ciki akwai hanyoyi da ke haɗe da juna, shi ya sa take tafiya da sauri.

Haƙorin sama, musamman fiƙa, kumburinsa kunci yake bi ya hau gefen hanci zuwa ƙarƙashin ido. Daga nan yana iya shiga ramin ido, kuma jijiyoyin jinin wannan wurin suna da mahaɗa da na cikin kai, shi ya sa ko da ba kullum yake faruwa ba cutar na iya kaiwa can ciki. Ido ya kumbura ya rufe, ko gani ya fara raguwa, ko ana ganin abu biyu biyu, ko ciwon kai mai tsanani, wannan ba na jira ba ne.

Amma wanda ya fi ba mu tsoro na ƙasa ne, turamen nan na can baya, na biyu da na ukku. Saiwarsu ta zarce ƙasa da naman da ke riƙe da ƙasan baki, to in mugunya ta fasa ta nan ƙarƙashin haɓa take zuba. Sai ƙasan haɓa ya kumbura gefe biyu, ya yi tauri ƙwarai in ka taɓa, harshe ya taso sama ya koma baya, shi kuma bayan harshe nan ne hanyar numfashi take. Likitoci na kiran wanga Ludwig's angina, sunan wani likita Bajamushe da ya bayyana shi a 1836. Cikin sa'o'i kaɗan yana iya toshe numfashi. Daga wuya kuma cutar na iya gangarawa ƙirji, kusa da zuciya da huhu, ko ta shiga jini ta gama jiki. Haƙori ɗaya fa.

To mi ya sa muke damuwa da zazzaɓi? Don ciwon haƙori da ke tsaye wuri ɗaya bai cika kawo zafin jiki ba. In ka ga kumburi ga kuma jiki ya yi zafi, awo ya kai 38 ko ya wuce, ana rawar sanyi, zuciya na bugawa da sauri, kasala, wannan na nuna cutar ta fita daga haƙori jiki duka ya shiga yaƙi. Nan garin kowane zazzaɓi maleriya muke ce mishi, a sayo maganin maleriya a sha kwana ukku ana jira, alhali ga kunci nan ya kumbura kowa na gani. Ana iya samun maleriya tare, i, amma wanda fuskarsa ta kumbura kuma yana zazzaɓi a fara kai shi a duba bakin. In kuma ya fara ruɗewa, ko yawan barci, ko fitsari ya ragu sosai, to an shiga babban haɗari.

Sai maganar buɗe baki. Mai lahiya yana iya jera yatsunsa ukku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, kowa ya gwada yanzu ya gani. In mai kumburi ya kasa sa biyu, ko cokali ma da ƙyar yake shiga, ma'anarsa cutar ta kai ga naman da ke motsa muƙamuƙi, ta yi zurfi ke nan, tana dab da maƙogwaro. Kuma ga wata matsala, in numfashi ya tsananta likita ta baki yake bi ya taimaka, in bakin ya ƙulle aikin ya yi wuya ƙwarai, har wani lokaci sai an huda maƙogwaro ta waje an sa bututu. Shi ya sa muke so a zo tun baki na buɗuwa. Kuma a sani wani lokaci kumburin waje ba shi da girma amma na ciki ya yi nisa, kada a ce ai fuskar ba ta kumbura sosai ba.

Kwanan baya an kawo muna wani magidanci mai sayar da albasa daga wajen Gwadabawa, turminsa na ƙasa ya daɗe da kogo. Ya sa kanumfari, ya sha ampikulos na kemis, da haɓa ta kumbura anka ce hangum ne anka riƙa gasa mishi da ruwan zafi ana shafa man zafi. Sai da ya kasa haɗiyar miyau, yana zaune ya miƙe wuya miyau na zuba, sannan anka ɗauko mota. Allah ya sa da sauran kwana, anka shiga da shi tiyata anka zubar da mugunya anka cire haƙorin, ya yi kwanaki kwance ana ba shi magani ta jijiya. Kuɗin da 'yan uwansa sunka kashe ya ninka na cire haƙori sau da yawa, ga kasuwa ta tsaya. Can ne ma anka gano yana da ciwon suga bai sani ba.

Masu suga dai su fi kowa kiyayewa don cuta na saurin yaɗuwa gare su, haka masu ciki, tsofaffi, ƙananan yara, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Iyaye mata, don Allah a daina cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori, ana dubawa ana yi mata aiki lahiya lau, ku dai gaya ma likita tana da ciki, mugunyar da za a bari ita ce haɗari gare ta da ɗan cikin. Yaro kuma in dasashinsa na jini yana wari, kunci ya kumbura, balle in yana fama da tamowa ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a gaggauta, don yana iya zama noma, cutar nan mai cin fuska cikin 'yan kwanaki, wadda ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Muna da asibitinta nan Sakkwato tun 1999.

Maganar kemis kuwa, ni ban ce antibayotik ba shi da amfani ba, amma shi kaɗai ba ya warkar da wanga ciwo. Jini ba ya shiga mataccen haƙori, ba ya ratsa mugunya da kyau, to maganin ba ya isa inda ake so. Zai lafa ya dawo. Maganin gaskiya a buɗe mugunyar ta fita, sannan a cire haƙorin ko a wanke cikin saiwarsa a cike in ana iya ceto shi. Maganar a jira kumburi ya saɓe tukuna, ku bar ma likita ya yanke wannan bayan ya duba, kada ku yanke gida. Cire haƙorin sama kuma ba ya makantar da mutum, barin mugunya ƙarƙashin ido shi ke iya taɓa ido.

Kafin a isa asibiti, babba na iya shan farasitamol na 500 ƙwaya 2, kada ya wuce sau 4 cikin yini da dare. Ibufurofen na taimakawa amma ban da mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai ciki. A kurkure baki da ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, a riƙa shan ruwa in ana iya haɗiya, a kwanta an tada kai da matashi. Kada a gasa kumburin, kada a matse, kada a kai ma wanzami ya tsaga. Ruwan batir da fetur da ɗora asfirin kan dasashi ƙona nama kawai suke yi.

Ciwo da ƙaramin kumburin dasashi, ba zazzaɓi, baki na buɗuwa, a ga likitan haƙori yau ko gobe. Amma in kumburi na ƙaruwa, ya sauka wuya ko ya hau ido, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, murya ta sake, numfashi na wuya, to ko ƙarfe 2 na dare ne a tahi sashen gaggawa, Asibitin Koyarwa na UDUTH ko Asibitin Ƙwararru, ba sai an jira safiya a buɗe sashen haƙori ba. Na ƙauye su je babban asibitin da ya fi kusa su nemi a turo su. Cikin mota a bar shi zaune, kada a tilasta mishi kwanciya rigingine, kada a ɗura mishi kunu ko jiƙo. A riƙo kwalayen duk maganin da ya sha, kuma da isa a gaya ma na bakin ƙofa kai tsaye cewa haƙori ne ya kumbura, yana zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa, don a shiga da shi ba tare da bin layi ba.