Gaskiya ko Ƙarya: Me Ka Sani Game da Dabbobi?

Ɗauki biro da takarda, ka rubuta gaskiya ko ƙarya a gaban kowace lamba kafin ka leƙa amsoshin da ke ƙasa. Idan kuna da yawa, mutum ɗaya ya riƙa karantawa, saura su amsa. Kowace amsa daidai maki ɗaya ce.

1. Jimina kan tusa kanta cikin rairayi idan ta tsorata.
2. Jan launi ne ke harzuƙa bijimin sa.
3. Ruwa raƙumi ke tarawa a tozonsa.
4. Macen sauro kaɗai ke cizo.
5. Jemage makaho ne.
6. Yawan ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa daidai yake da na mutum.
7. Kura ba ta farauta, mushe kawai take ci.
8. Hawainiya na sauya launi ne don ta saje da duk abin da ta hau.

Amsoshi

1. Ƙarya. Da za ta yi haka, da numfashinta ya ɗauke. Jimina ba ta sheƙa a bishiya, rami marar zurfi ake tonawa a ƙasa a zuba ƙwai. Sau da yawa a yini takan sunkuya ta juya ƙwan da bakinta, wanda kuwa ya hango ta daga nesa sai ya ga gangar jiki babu kai. Haka kuma idan ta ga haɗari takan kwanta ta shimfiɗa dogon wuyanta a ƙasa don kada a gan ta. Ni dai ina ganin an zalunci wannan tsuntsuwa da aka mai da ita alamar wauta da tsoro, alhali gudunta na kai kilomita 70 a awa ɗaya, kuma harbin ƙafarta na iya yi wa zaki mummunan rauni.

2. Ƙarya. Idon shanu ba ya rarrabe ja yadda namu ke yi. Ƙwayoyin gane launi iri biyu gare su, mu kuwa uku. Wannan zance ya samo asali ne daga wasan faɗa da bijimi na ƙasar Sifen, inda ɗan wasa ke kaɗa jan ƙyalle. Kaɗawar ce ke jawo san, ga shi kuma an riga an tsokane shi an ji masa ciwo. A farkon wasan ma babban mayafi mai ruwan hoda da rawaya ake kaɗa masa, kuma yana afka masa da irin wannan fushin.

3. Ƙarya. Kitse ne a ciki, guzurin ranar da abinci ya yi wuya. Shi ya sa tozon raƙumin da ya daɗe da yunwa ke yanƙwanewa har ya langaɓe gefe guda. Juriyarsa ga ƙishirwa daga wani wuri take: ba ya yawan gumi, fitsarinsa kaɗan ne, kashinsa busasshe, kuma in ya sami ruwa yana iya shan lita 100 a tashi ɗaya.

4. Gaskiya. Jinin take buƙata don ƙwanta ya ƙosa. Namijin ruwan furanni yake sha.

5. Ƙarya. Babu jemagen da aka halitta ba ya gani. Masu cin ƙwari suna fitar da wata siririyar ƙara, su saurari yadda take dawowa, da haka suke gane inda abu yake cikin duhu. Manyan masu cin 'ya'yan itace kuwa idanu gare su dara-dara, da su da hanci suke neman abinci.

6. Gaskiya. Bakwai-bakwai ne, nasa dai dogaye ne ƙwarai.

7. Ƙarya. Kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, yawancin abin da take ci ita ke kashewa, sau da yawa tare da sauran kuraye. Zaki ma kan zo ya ƙwace abin da kuraye suka kama, amma ita ce kullum ake kira ɓarauniya.

8. Ƙarya, ko da yake akwai ɗan ƙamshin gaskiya. Launinta na yau da kullum, kore ko ruwan ƙasa, yana ɓoye ta cikin ganye. Amma sauyin da ake gani galibi saƙo ne. Namiji kan yi launi mai haske idan ya ga abokin gaba ko yana neman mace, wanda aka rinjaya kuma ya dushe. Da sanyin safiya takan yi duhu don jikinta ya kwashi zafin rana, in rana ta take kuma ta yi fari-fari.