Gyalen Malama Rashida

Tun da safe marar Bilkisu ke murɗawa. Ta ɗora laifin a kan wake da burodin da ta ci a tsaye kafin ta fito daga gidansu da ke Zango a Agege, don haka ba ta gaya wa kowa ba. Umma na can bakin kasko tana tuyar ƙosai, masu saye sun kewaye ta, ba lokacin kai mata ƙarar ciwon ciki ba ne.

A darasi na uku abin ya zo. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, aji ya ɗau zafi, ɗalibai fiye da sittin sun matsu uku-uku a kan benci. Malama Rashida tana bakin allo tana koya musu yadda ake lissafa kewayen fili. Bilkisu ta ji wata laima a ƙasanta. Da farko ta ɗauka gumi ne. Ta gyara zama, laimar ta ƙaru. Sai ta zura hannu a hankali ta taɓa bayan siket ɗinta, ta fito da shi ta ƙarƙashin hijabi ta duba. Yatsunta biyu sun yi ja.

Gabanta ya faɗi. Siket ɗin makarantar shuɗi ne mai haske, irin wanda ko ɗigon manja bai iya ɓoyewa, hijabin kuwa gajere ne, iyakarsa ƙugu. A bencin da ke bayanta Sadiku ne da abokansa biyu, yaran da in sun sami abin tsokana sai sun kai shi har tashar danfo.

"Bilkisu, zo ki yi mana na biyu," in ji Malama da Turanci, tana miƙo alli.

Bilkisu ba ta motsa ba.

"Da ke nake."

Zulai, wadda suke benci ɗaya, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke, ana kiran ki." Bilkisu ta damƙe gefen tebur, ta sunkuyar da kai. Aji ya fara guna-guni. Kowa ya san Malama Rashida ba ta kira sau uku. Ga kuma abin mamaki, wadda aka kira ɗin ita ce kullum hannunta ke sama kafin a gama tambaya.

Malama ta ajiye allin ta taho. Ta tsaya a kanta. Ta dubi hannun da ke ɓoye cikin hijabi, ta dubi yadda yarinyar ta matse ƙafafu, ta ga hawayen da ya taru bai zubo ba. Ba ta tambayi komai ba. Ta juya ta tafa hannu sau biyu.

"Kowa ya ɗauki littafi da biro. Mai kula da aji, karɓi igiyar awo a ofis. Ku tafi filin ƙwallo ku auno mini tsawonsa da faɗinsa, ku lissafa kewayensa. Wanda ya dawo ba amsa, ya kuka da kansa." Sannan ta nuna Bilkisu da yatsa, fuska a murtuke. "Ke kuma, tunda kin fi ƙarfin tashi, ba inda za ki. Ke za ki share ajin nan."

Sadiku ya wuce yana ƙunshe dariya. Zulai ta tsaya tana waige, Malama ta kora ta da ido. Da na ƙarshe ya fita, ta tura ƙofa, ta jawo benci ta zauna kusa da Bilkisu.

"Jini ne ko, 'yata?"

Da Hausa ta faɗa, Hausa tsantsa ta Kanawa. Malama Rashida Bayarabiya ce, amma a Sabon Garin Kano aka haife ta, a can ta girma kafin aure ya kawo ta Legas. Bilkisu ta taɓa jin ta tana ciniki da mai lemo a bakin ƙofar makaranta, amma a aji ba ta taɓa yi wa kowa Hausa ba. Kukan da take dannewa ya ɓalle.

"Wallahi Malama ban yi komai ba. Ba wanda ya taɓa ni."

"Na sani. Wa ya ce miki sai an yi wani abu?"

"Wata ce a layinmu ta ce..."

"Ƙyale ta da shirmenta. Shekarunki nawa?"

"Sha biyu da rabi."

"To lokacinki ne ya yi. Al'ada ce. Ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne. Kina zuwa Islamiyya?"

Bilkisu ta gyaɗa kai. Ta ma haddace babin haila a Ahalari, ta biya shi gaban malaminsu ba tuntuɓe. Sai dai a ranta ta ɗauka zance ne na matan aure, irin su Umma da maƙwabtansu. Ba wanda ya taɓa ce mata wata rana zai same ta a kan benci, tsakiyar darasin lissafi.

Malama ta cire gyalenta, wani ruwan ƙasa mai kauri, ta ce ta miƙe. Ta ɗaura mata shi a ƙugu kamar zane, ta ja shi har ya sauka ƙasan gwiwa. A kan bencin akwai tabo kamar faɗin tafin hannu. Bilkisu ta kau da kai don kunya. Malama ta yagi takarda daga tsohon littafi, ta jiƙa da ruwan leda da ke jakarta, ta goge wurin tas, ta dunƙule takardar ta jefa a jakar.

"Riƙe tsintsiyar nan ki biyo ni. Duk wanda ya gan mu zai ce hukunci ne."

Suka bi ta bayan ajujuwa zuwa ban ɗakin malamai mata. A hanya Malama ta leƙa ofis, ta fito da ƙaramar baƙar leda. A ciki akwai audugar mata guda uku, da sabon ɗan kamfai, da guntun sabulu. Ta buɗe ɗaya ta nuna mata: a ɓare takardar baya, a manna ɓangaren mai gam a tsakiyar kamfai, a naɗe fikafikan biyu ta ƙasa don kada ta goce.

"Ki riƙa canzawa bayan awa huɗu zuwa shida, ko kafin haka in ta cika. Wadda kika cire ki naɗe ta a takarda ko leda ki sa a shara, kada ki jefa a masai, toshe shi za ta yi. Ki wanke hannu kafin da bayan. In babu auduga, tsumma mai tsabta ma yana yi, amma a wanke shi da sabulu, a shanya a rana ya bushe sarai. Ban da ɓoye shi a ƙarƙashin katifa da danshinsa. Siket ɗin kuma da ruwan sanyi za ki wanke. Ruwan zafi kama jini yake yi a jikin yadi."

Bilkisu ta shiga ta daɗe. Da ta fito, fuskarta ta ɗan saki.

"Malama, yaushe zai tsaya?"

"Kwana uku zuwa bakwai, galibi. Sannan ya dawo bayan kamar wata guda. A shekarar farko yana iya yin wasa, ya zo wannan wata, ya tsallake na gaba. Kada wannan ya tsorata ki. Ki samu bayan littafinki ki riƙa rubuta ranar da ya fara, da sannu za ki gane lissafinsa, ai ke gwanar lissafi ce. Ciwon marar kuma, mahaifa ce ke matsawa don ta fitar da abin da ta tara. Ki zuba ruwan ɗumi a gora ki ɗora a wurin. In ya matsa, Umma ta ba ki farasitamol. Amma in kika ga audugar na cika duk awa, ko ya wuce mako bai ɗauke ba, ko jiri na ɗibar ki, to wannan sai asibiti."

Ta ciro waya. "Ba ni lambar Ummanki."

Nan Bilkisu ta sake daburcewa. Ta riƙe hannun Malama.

"Don Allah kada Baba ya ji."

"Me ya sa?"

Da ƙyar ta faɗa. 'Yar baffanta Hajara, ana cewa ta girma, hutu na zagayowa aka tafi da ita Funtuwa. Ba ta dawo ba. Yanzu tana goye da ɗa.

Malama ta yi shiru. Ta san irin wannan labarin, ta ga benci ya zama wayam a tsakiyar zango ba sau ɗaya ba. Ba ta yi wa yarinyar alkawarin abin da ba ya hannunta ba.

"Da Umma kaɗai zan yi magana. Sauran kuma, in ta kai ga haka, na san hanyar gidanku."

Ta ɗan matsa gefe. Bilkisu ta ji ta tana gaisuwa, "Maman Bilkisu, ina wuni, ya kasuwa," sai ta rage murya. Ta daɗe tana magana. Sau biyu Bilkisu ta tsinci sunan jarrabawa a ciki.

Ba ta koma aji ba ranar. Malama ta aika aka ɗauko mata jaka, ta raka ta bakin titi, ta tare keke, ta biya kuɗin. Keken ya bi ta ƙarƙashin gadar Pen Cinema, ya kutsa cikin cunkoso da hayaniyar 'yan kwandasta, Bilkisu na zaune a gefe guda tana ta jan gyalen.

Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta bar wa maƙwabciya kaskon. Ba ta ce uffan ba sai da suka shiga ɗaki ta saki labule. Ta dafa ruwa, ta ba ta zane. Sannan ta zauna a bakin gado tana murza yatsu, kamar ita ce mai jin kunyar.

"Da ma ina ta cewa zan zaunar da ke, kullum sai in ce ai da saura." Ta ja numfashi. "Ba salla, ba azumi sai ya ɗauke, sannan ki yi wanka, zan nuna miki. Azumi ake ramawa, salla ba a ramawa."

"Na sani, Umma. Mun yi a Islamiyya." Ta yi jim. "Baba fa?"

"Babanki nawa ne, bar ni da shi. Saura shekara huɗu ki gama sakandare, kuma a Legas ɗin nan za ki gama ta. Kuɗin littattafanki daga kaskona suke fita, ba daga aljihun baffanki ba."

Da aka kira magariba Baba ya wuce masallaci, Umma ta shimfiɗa dadduma. Bilkisu na kwance da gorar ruwan ɗumi a ciki, sai ga ƙaninta Abba ya leƙo, hannunsa na ɗigar ruwan alwala.

"Umma, Yaya Bilki ba ta tashi ba. Wallahi sai na gaya wa Baba ta ƙi salla."

"Kai Liman, wa ya naɗa ka?" in ji Umma. "Wuce ka bi babanka kafin a ta da iƙama. In ka dawo ka karɓo mini sabulun wanki a shagon Iya Basira, akwai gyalen mutane da zan wanke."