Bayani kan asarar da rahoto ya nuna a bokitin lita 15

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka nemi sanin dalilin da ya sa rahoton Satumba ya nuna asara a bokitin lita 15, alhali shi ne kayanmu da ya fi tafiya a kasuwa. Na bi lissafin daki-daki. Yawancin asarar a takarda take, amma akwai ɓaraka biyu na gaske.

Mu ɗauki farashin bokiti ɗaya a matsayin 100. Ragin da muke yi wa diloli yana cin 6, saura 94 ke shigowa. Ɗanyen roba da kala da wayar mariƙi 58 ne, ladan ma'aikatan inji 9, wutar inji da ɗauri 7. Jimilla 74. Ke nan kowane bokiti yana bar mana 20.

Matsalar tana wajen rabon kuɗaɗen gudanar da masana'anta: haya, albashin ofis, gyaran injina da ragewar darajarsu. Tsarinmu yana raba su bisa yawan guda-gudan da aka buga. Bokiti shi ne kashi 70 cikin 100 na gudajen, sai aka ɗora wa kowanne 26. Kuɗinsa ya koma 100, abin da ya shigo 94, asarar 6 ta bayyana. Amma bokiti kashi 40 kawai yake ci na awannin inji. Kujerar roba da muke bugawa ce ke zaune a kan babban inji, ita ke daɗewa kafin ta huce a ma'auni, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki don ta ɗauki siffa, ita ake yawan tsayar da aiki don sauya mata kala, sannan ana lissafa ta guda ɗaya daidai da bokiti. Idan aka raba bisa awannin inji, kason bokiti ya sauko kusan 15, ribar 5 ta fito, ribar kujera kuma ta ragu.

Ɓaraka ta farko ita ce lalatattu. Mun ƙiyasta 3 cikin 100, yanzu sun kai 8, domin bakin ma'aunin ya cinye, roba na tsiyaya ta gefe. Ana niƙa su a sake amfani da su, amma wuta da aikin da suka ci sun tafi. Ta biyu ragin diloli: an tanade shi don mai ɗaukar mota guda, yanzu har mai sayen dozin goma ana ba shi.

Shawarata kada a dakatar da bokiti. In an daina buga shi, haya da albashi suna nan, 20 ɗin da yake kawowa ce za ta ɓace. Ina neman izininka in koma rabo bisa awannin inji daga Oktoba, a kai ma'aunin gyara, a kuma mayar da ragi kan ƙa'idarsa. Lissafin hanyoyin biyu yana haɗe da wannan takarda.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Akantan masana'anta